Ranar Nuna Gida a Nassarawa GRA: Daga Wayar Farko Zuwa Tayin Ƙarshe

Wanda ya saba bi ta titin Sultan ko titin Lamido ranar Asabar da hantsi ya san alamar. Motoci bakwai ko takwas sun yi cirko-cirko a bakin wani get, direbobi sun zauna a gindin darbejiya suna hira, mai gadi ya rasa wanda zai tare da wanda zai bari. A ciki kuwa dillali ɗaya ne, waya a kunne, makullai a hannu, Alhazai uku kowanne na jiran a ba shi hankali shi kaɗai. Kafin azahar kowa ya watse. Ranar Litinin mai gida ya kira ya ce, "To, wa ya taya?" sai dillali ya fara lalube a cikin wayarsa, yana neman lambar wani mai farar mota da bai riƙe sunansa ba.

Tara masu saye a rana ɗaya dabara ce mai amfani, musamman a unguwa irin wannan. Tun da Turawa suka kafa mazauninsu a Nassarawa bayan cin Kano a 1903 aka yanka filayen wurin da faɗi, kuma har yau akwai tsofaffin gidaje masu farfajiyar da za a gina gidaje huɗu a cikinta. Buɗe irin wannan gida, a share shi, a tayar da janareta, a kawar da iyali gefe, ba abu ne da za a yi sau goma sha biyu don mutum goma sha biyu ba. Sai dai salon da ake gani a Amurka, inda ake kafa allo a bakin titi duk mai wucewa ya shigo, ba zai yi a nan ba. Mai sayen gida a Nassarawa GRA ba ya son a gan shi yana taya gida. Sau da yawa ya san sauran masu tayin, sun haɗu a Kantin Kwari ko a Singa, wataƙila ma surukai ne. Ga shi kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Saboda haka abin da ƙwararren dillali yake shiryawa, ko da ya kira shi ranar buɗe gida, jerin alƙawura ne na mutum ɗai-ɗai da aka jera a yini guda, da littafi ɗaya da ke riƙe da su duka.

A ɗauki misali. Gidan gado ne a wani layi da ke bayan titin Alu: ɗakunan kwana biyar, falo biyu, boskwata a baya, rijiyar burtsatse, fili mai faɗin murabba'in mita 2,000. Magada sun amince a sayar, sun sa naira miliyan 600, sun wakilta babban wansu, sun kuma damƙa aikin ga dillali ɗaya a kan la'adar kashi biyar cikin ɗari. Uwargidan mamacin tana zaune a sashe ɗaya tare da jikoki. Cikin mako uku mutum goma sha huɗu sun nuna sha'awa.

Kashi biyar na miliyan 600 miliyan 30 ne. Wannan lissafi shi ne tushen rabin rikicin da ake yi a ranar nuna gida, domin cikin goma sha huɗun nan da wuya a sami biyar da suka zo kai tsaye. Sauran kowanne ya biyo ta hannun wani, shi ma wanin ya ji ne daga wani. 'Yan kayi-na-yi ba sa zuwa don ganin gida, suna zuwa ne don a gan su tsaye kusa da mai saye, yadda gobe in ciniki ya faɗa za su ce da su aka yi.

Aikin farko kenan a waya ake yin sa, mako guda kafin ranar. Dillali ya kira kowane ɗaya daga cikin goma sha huɗun, ya nemi magana da mai sayen da kansa ko wakilinsa na haƙiƙa, ya yi masa tambayoyi kaɗan cikin ladabi. Zama zai yi a gidan, ko rushewa zai yi ya gina rukunin gidaje? Ya ji kuɗin da aka sa? Da wa da wa zai zo? Ta hannun wa ya sami labarin? Tambayar farko ta fi yadda ake zato muhimmanci. Mai niyyar rushewa ba ruwansa da tayil ɗin banɗaki, so yake ya auna katanga, ya ga faɗin titi da inda magudanar ruwa ta bi, ya kuma ji ko KNUPDA, hukumar tsara birni, za ta amince da irin ginin da yake so. Mai niyyar zama kuwa matarsa ce za ta yanke hukunci, a kicin da sito. Wanda bai san wannan bambanci ba zai ɓata rabin awa yana yaba wa mai katafila fentin falo.

Tambayar ƙarshe ita ake rubuta amsarta nan take, a tura wa mai sayen da dillalinsa saƙo ɗaya mai cewa an rubuta wane a matsayin baƙon wane. Idan dillalai biyu suka yi iƙirarin mutum ɗaya, yanzu ne lokacin warwarewa, tun babu kuɗi a ƙasa, kuma mai sayen ne zai faɗi wanda ya kawo shi. A misalinmu, wayar nan ta rage mutane zuwa takwas: uku sun ja da baya da suka ji farashi, biyu ashe mutum ɗaya ne ya biyo ta hanyoyi biyu, biyu kuma dillalansu sun ƙi haɗa kowa da "Alhajin" nasu, wanda galibi alama ce ta babu Alhajin.

Sai zaɓen rana. Juma'a ba ta yi, don yinin a tsinke yake. Asabar ta fi, amma ban da ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, da ake hana zirga-zirga a Kano daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe; wanda ya manta da wannan zai tarar jadawalinsa ya rushe tun kafin a fara. A kuma tuna cewa ƙarshen mako lokacin ɗaurin aure ne, kuma irin mutanen da ke sayen gida a wannan unguwa su ake gayyata waliyyai da manyan baƙi, don haka a tambayi kowa tun wuri ko safe ya fi masa ko bayan la'asar. Tsakanin azahar da la'asar a rufe get. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, babu gidan da ke yin kyau da ƙarfe biyu na rana. Damina kuma tana da nata hukunci: a watan Agusta rufi ba ya iya ƙarya, kuma farfajiyar da ruwa ke kwanciya za ta nuna kanta. Dillali mai hankali ba ya gudun wannan, ya gwammace mai saye ya ga tabon yoyo a silin da idonsa a ranar farko da ya gano shi bayan an yi nisa a ciniki ya zabge miliyan ashirin.

Zagayen gida irin wannan, ba tare da gaggawa ba, rabin awa ne. A ƙara minti goma na zama a tebur don tambayoyi. Da masu rakiya biyu, ana iya karɓar sabon baƙo duk bayan minti ashirin ba tare da ayari sama da biyu sun taɓa kasancewa cikin gidan ba. Na farko ya shiga 10:00 da dillali, na biyu 10:20 da mataimakinsa, na uku 10:40 da dillali, wanda ya sallami na farko tun 10:30. Ƙarfe 11:00 a bar ta babu kowa. Sai 11:20 da 11:40, sannan a sake barin 12:00 da 12:20 a buɗe. Sauran ukun a ba su 4:30, 4:50 da 5:10 na yamma, a gama da sauran haske kafin magariba.

Guraben nan uku da aka bari su ne ƙashin bayan tsarin. Wani zai makara, wannan babu shakka a ciki, kuma babban mutum da aka ce masa ƙarfe goma yana iya bayyana sha ɗaya saura yana murmushi. Ba a mayar da shi, ba a kuma cusa shi cikin lokacin wani. Ana tarbarsa, a zaunar da shi a inuwa da ruwan sanyi, a ce, "Ranka ya daɗe, minti goma kacal, yanzu za a shiga da kai." Ya shiga gurbin 11:00, wanda ya zo a kan lokaci kuma bai rasa komai ba. Idan babu gurbi, makarar mutum ɗaya takan ture kowa har zuwa azahar, kuma wanda ya fi cika alƙawari shi ne ya fi cutuwa.

Akwai kuma hikimar jerawa. Waɗanda aka san suna da jiƙaƙƙa, ko 'yan kasuwa ɗaya masu gogayya, a raba su, ɗaya safe ɗaya yamma. Wanda ake ganin ya fi kowa niyya kada a sa shi farko, lokacin da ake ta gyara kurakurai, kada kuma a sa shi ƙarshe, lokacin da murya ta dushe. A gaya wa kowa cewa mutum huɗu ne iyakar ayari, kuma dillali ɗaya ne zai shiga tare da baƙonsa. Sauran su jira a waje, tunda an riga an rubuta sunayensu babu abin da za su rasa. Ana aika adireshin gidan ne da yammacin jajibirin ranar, ga waɗanda suka tabbatar da zuwansu kaɗai, ta WhatsApp tare da alamar taswira, domin layukan GRA sun yi kama da juna kuma ba kowane get ke da lamba ba. Adireshin da ya fita tun mako guda zai zaga rukunonin dillalai, a wayi gari da baƙin da ba a san da su ba.

Mutum biyar ke gudanar da yinin. Mai gadi yana get da jerin sunaye da lokuta a takarda, aikinsa ɗaya: wanda ba ya cikin jeri ya kira tebur, kada ya yi gardama, kada kuma ya buɗe. Yaro ɗaya yana kula da motoci, don ayari uku na iya haɗuwa a lokaci guda, biyu a ciki ɗaya a tebur, wato motoci kamar shida, kuma ba a son ko ɗaya ta toshe get ɗin maƙwabci. Kyautatawa ce a leƙa maƙwabta kwana biyu kafin nan a sanar da su. Sai masu rakiya biyu, sai mai tebur. Tunda akwai iyali a gidan, ya kamata ɗaya daga masu rakiyar ta zama mace, ko a sami wata daga cikin dangi da za ta shiga da mata sashen uwargida. Ba a kutsa maza baƙi ɗakin tsohuwa don ana sayar da gida. A yi mata magana tun wuri, a ce, "Hajiya, daga ƙarfe goma zuwa ɗaya saura ne, sai kuma bayan la'asar," a amince da ɗakin da za ta zauna da jikoki, wanda za a nuna a ƙarshe ko a bari sai zuwa na biyu.

Mai gida fa? Gara wakilin magada ya kasance kusa, amma ba a cikin zagaye ba. Idan yana tsaye, mai saye ba zai faɗi aibin da ya gani ba, don kunya, kuma wani zai ja shi gefe ya nemi su gama magana su biyu. Balle a ce magada huɗu suna wurin, kowanne na faɗin nasa farashin.

Hanyar zagaye ɗaya ce ga kowa, kuma ba ta komawa baya: daga get zuwa farfajiyar gaba, falo, ɗakuna, kicin, a fita ta ƙofar baya zuwa boskwata da burtsatse da ɗakin janareta, a biyo gefen katanga a dawo tebur. Da haka ayari biyu ba sa yin karo a lungu, wanda ke bayan gida ba ya jin abin da na falo ke faɗa. Kafin baƙon farko, dillali ya bi hanyar nan da kansa da agogo a hannu. Kowane makulli a gwada shi, a manna masa takarda mai sunan ɗakinsa. A cika tankin sama tun dare, saboda abu na farko da mai saye ke yi a banɗaki shi ne murɗa famfo. A sa mai a janareta, kada a dogara da wutar KEDCO. Kayan ƙima da takardun iyali a kulle su a ɗaki ɗaya. Ɗaukar hoto kuma a yanke hukuncinsa tun farko, a faɗa wa kowa a bakin ƙofa: waje da farfajiya an yarda, cikin ɗakunan da ake kwana a'a. Ba kowane mai zuwa kallon gida ne mai saye ba, wani ƙofofi da tagogi ya zo ƙirgawa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ba a shiga sai da suna a jeri.

Yanzu ga teburin, wanda shi ne zuciyar al'amarin. A ajiye shi a baranda ko ƙarƙashin bishiya kusa da get, inda kowa zai bi ta gabansa sau biyu, da shiga da fita. Littafin da ke kai shafi guda ne ga kowane mai saye, ba layi guda ba, kuma mai tebur ne ke rubutawa. Kuskure ne a miƙa wa baƙo doguwar takarda ya sa hannu a ƙasan sunayen waɗanda suka riga shi, don ya karanta sunayen abokan takararsa da lambobinsu kenan. Ban da rashin dacewa, Nijeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma lambar da aka karɓa don cinikin wannan gida ba ta rabawa ba ce. Da shiga ana tabbatar da suna, lamba, wanda ya kawo shi da lokacin isowa. Da fita ana rubuta abu uku: abin da ya burge shi, abin da ya dame shi, da abin da aka yi masa alƙawari.

Na ukun nan shi ake yawan yin sakaci da shi. A cikin zagaye mai rakiya yakan ce "zan bincika maka" sau biyar ba tare da ya lura ba. Wace shekara aka sake rufin? Zurfin burtsatsen nawa? Akwai bashin wuta a mitar? Kowace irin wannan magana bashi ce. Da zarar ya sallami ayari, kafin ya karɓi na gaba, mai rakiya ya tsaya minti biyu a tebur ya zayyana basussukan da ya ɗauko. Idan ya bari sai yamma, tambayar Hajiya mai shuɗin mayafi za ta koma shafin Alhajin da ya zo da injiniya.

A kan teburin kuma akwai takarda mai shafi ɗaya da ake ba kowa: faɗin fili, yawan ɗakuna, farashin da aka sa, nau'in takardar mallaka, da ranar rufe karɓar tayi. Amfaninta shi ne bakin masu rakiya ya zama ɗaya. Babu abin da ke kashe ciniki kamar wani ya ji miliyan 600 daga dillali, wani ya ji 650 daga ɗan kayi-na-yi a bakin get, su haɗu a masallaci su gwada.

Batun takardu shi ne tambayar da kowane mai saye na gaske zai yi, kuma tun bayan rusau na watan Yunin 2023, wanda ya taɓa gine-gine har a filin sukuwa da ke cikin unguwar nan, mutanen Kano suka ƙara kaifin tambaya. A ajiye kwafin takardar shaidar mallaka a tebur, a duba a nan, kada a tafi da shi, kada a ɗauki hotonsa. Ainihin takardar kuwa tana wurin lauya. Mai tebur ya san amsar abubuwan da za a tambaya: sunan wa ke kan takardar, shekara nawa suka rage a wa'adinta, tunda yawanci na shekara 99 ne, an biya harajin ƙasa ko akwai bashi, kuma an shigar da ita cikin aikin sabunta takardun filaye da gwamnatin jihar ta fara a ƙarshen 2024 ko ba a yi ba. Ya kuma faɗa wa kowa cewa yana da damar tura lauyansa ya yi bincike a KANGIS, sannan a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978 mayar da mallaka sai da amincewar gwamna, abin da ke cin lokaci da kuɗi. Tunda gidan gado ne, a tanadi takardar da ke nuna duk magada sun yarda kuma sun wakilta mutum ɗaya. A fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a idan wani ya sayar da kasonsa ga bare, don haka mai saye da ya san abin da yake yi zai so ya ga hannun kowa a takarda.

Wani zai so ya gama komai a take. Zai ja dillali gefe ya ce, "Malam, nawa za a sallama? Ga kafin alƙalami yanzu, a sallami sauran." Amsa ita ce a gode masa, a rubuta tayinsa a shafinsa da lokacin da ya yi shi, a ce magada za su duba duk tayi ranar Alhamis kamar yadda aka gaya wa kowa. Ba a karɓar kuɗi a ranar nuna gida. Wanda ya karɓa ya ɗaure magada da abin da ba su gani ba, ya kuma yaudari mutum uku da aka ba lokaci bayan la'asar. In lokacin biya ya zo, ta banki ne zuwa asusun da magada suka amince da shi, domin dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, ba ta hanyar banki ba.

Akwai wata dabara da wasu ke yi wadda ya kamata a ambata don a guje ta: kawo 'yan amshin shata su yi ta zagaye suna yaba gida, ko a ce wa mai saye wani ya taya kaza alhali babu wanda ya taya. Wannan shi ne najashu da shari'a ta hana. Ban da haka ma, Kano ba ta da girman da irin wannan zai ɓoyu. Gaskiyar cewa mutum takwas ne aka ba lokaci ta isa, kuma kowa ya ga motoci.

Da aka rufe get da yamma, aikin bai ƙare ba. A daren nan, kafin kowa ya tafi, su biyar ɗin su zauna rabin awa a bi littafin shafi-shafi, har da mai gadi da yaron motoci, waɗanda sukan ji abin da ake faɗa bayan an shiga mota. A misalinmu bakwai ne suka zo, ɗaya ya aiko da uzurin rasuwa. A raba su uku. Waɗanda suka tambayi takardu, suka nemi dawowa da injiniya ko da iyali, su uku ne, su ne masu niyya. Biyu sun yaba komai ba su tambayi komai ba, kuma yabo marar tambaya a cinikin gida yawanci sallama ce cikin ladabi. Biyu sun faɗi a fili cewa bai yi musu ba, ɗaya saboda kuɗi, ɗaya saboda yana son fili mai fuska biyu.

Kowa ya sami gajeren saƙon godiya a daren, mai tuna masa ranar rufe tayi. Wakilin magada ya sami rahoto a rubuce: mutum nawa, me suka yaba, me suka kushe. Idan huɗu cikin bakwai sun yi maganar tsagewar katangar baya, wannan labari ne da ya kamata magada su ji kafin su ga tayin da ya gaza abin da suke tsammani. Lahadi a tattara amsoshin basussuka, Litinin a kira kowa da murya, a fara da masu niyya, kuma a fara da amsar abin da mutum ya tambaya: "Alhaji, ka tambayi mita, mun duba, ta kati ce, babu bashi." Kiran da ya fara da "ya ake ciki?" matsi ne, wanda ya fara da amsa kuwa hidima ce, kuma mai saye yana jin bambancin. Duk kiran da aka yi a sanar da dillalin da ya kawo mutumin, don kada ya ji an zagaye shi ya fara ɓata cinikin daga gefe. Wanda ya yi uzuri a yi masa ta'aziyya, a ba shi lokaci ranar Talata, tare da masu dawowa zuwa na biyu, kowa da awarsa.

Ana gane tsarin ya fara zubewa ta alamu ƙanana. Mai saye ya kira yana tambayar abin da aka ce za a gaya masa tun shekaranjiya. Mutum biyu daga ofis ɗaya sun kira Alhaji ɗaya, wata Hajiya kuma babu wanda ya kira ta. Maganinsa shi ne kowane shafi ya sami sunan mutum ɗaya da ke da alhakinsa, da ranar kira na gaba a rubuce a ƙasa. Shafin da ba shi da rana, an manta da mai shi kenan.

Ranar Alhamis tayi uku suka iso a rubuce, ta saƙo ko takarda: miliyan 540 a biya gaba ɗaya bayan bincike, miliyan 570 a biya kashi biyu cikin wata uku, da miliyan 520 daga mai niyyar rushewa. Dillali ya kai su duka gaban magada, da sharuɗɗan kowanne, ba adadi kaɗai ba, don mai 540 a hannu yana iya fin mai 570 na jira a wurin magada goma da kowa ke da buƙatarsa. Idan sun ce albarka ga duka, a koma wa ukun a rana ɗaya da magana iri ɗaya, a ba su kwana biyu su gyara. Da zarar an sallama wa ɗaya kuwa, an rufe ƙofa. Ba a karɓar ƙari daga wani a kan cinikin da ya riga ya faɗa, ko da ya fi tsoka.

A ce magada sun zaɓi mai 570. A ba shi wa'adi a rubuce, misali mako biyu, na bincike da biyan kason farko. A ranar kuma a kira sauran biyun, kafin su ji a gari. Mai 540 a gaya masa gaskiya, cewa an sallama wa wani bisa wa'adin mako biyu, a tambaye shi ko yana so a neme shi idan abin bai tabbata ba. In ya amince, a rubuta a ƙasan shafinsa, da ranar da wa'adin zai cika. Shi kuma wanda ya ce fili mai fuska biyu yake nema, a nemi izininsa a riƙe lambarsa, a mayar da shafinsa cikin littafin gida na gaba.